Tsara Tambayoyin Auna Fahimta da Ba Sa Amsuwa da Laluben Kalma: Misali daga Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tambayar auna fahimta tana da aiki ɗaya: ta rarrabe ɗalibin da ya gane abin da ya karanta da wanda bai gane ba. Yawancin tambayoyin da ake rubutawa a ƙarƙashin matani, a allo ko a takardar jarrabawar ƙarshen zango, ba sa yin wannan aiki. Ɗalibi yana ɗaukar kalma ɗaya ko biyu daga tambayar, ya bi matanin da yatsa har ya tarar da su, ya kwafe jimlar da suke ciki, ya ci maki. Ana iya gwada haka da jimlar da ba ta da ma'ana ko kaɗan: "Barau ya sanfaɗe zulmai uku a gindin tarɓo, saboda kwanzai ya ƙi lamɓewa." Idan aka tambayi ɗan aji huɗu me Barau ya sanfaɗe, zai ce zulmai uku. A ina? A gindin tarɓo. Me ya sa? Saboda kwanzai ya ƙi lamɓewa. Ya ci uku cikin uku, alhali ba shi ba, ko malamin bai san abin da aka faɗa ba. Duk tambayar da za ta amsu a kan irin wannan jimla, abin da take aunawa shi ne iya gano kamannin kalma da sanin ginin jimla.

Matsalar ba sabuwa ba ce ga masana. A 1972 Richard Anderson ya yi bayanin cewa tambayar da aka ƙera daga lafazin matani, ko da an juya jimlar, ba ta zama hujjar fahimta, sai an sake faɗin abin da wasu kalmomi dabam. A 1978 David Pearson da Dale Johnson suka karkasa tambayoyi gida uku gwargwadon inda amsarsu take: wadda ke kwance a fili cikin jimla guda, wadda sai an haɗa sassan matani kafin a same ta, da wadda ke buƙatar abin da mai karatu ya riga ya sani. Gwajin karatu na duniya da ake kira PIRLS, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu tun 2001, kashi 20 cikin ɗari kawai ya ware wa zaƙulo abin da aka faɗa a fili. Sauran na cirato ma'ana ne da haɗa ra'ayoyi da yin hukunci a kan matanin.

Ginin tambaya a Hausa yana sauƙaƙa laluben. Mai tambaya yana cire abin da yake nema, ya sa "wa" ko "me" ko "ina" a gaba, ya ɗan sauya lamirin lokaci, kamar "sun" ta koma "suka", sauran jimlar kuwa tana nan yadda take. Malamin da ke tsara tambaya cikin gaggawa, idonsa a kan matani, hannunsa zai bi wannan hanya ba tare da ya yi niyya ba.

Haɗari na biyu: tambayar da ba ta buƙatar matanin

Wanda ya guje wa laluben kalma yakan faɗa wani rami. Cikin neman tambaya mai sa tunani, sai ya rubuta wadda ɗalibi zai amsa ko bai kalli matanin ba. Jaap Tuinman ya nuna haka a farkon shekarun 1970, da ya ba yara tambayoyin wasu sanannun gwaje-gwajen karatu na Amurka ba tare da matanin ba, suka kuma ci fiye da abin da canki-canki zai ba su.

A yankin Kura da Bunkure da Garun Malam wannan haɗari a bakin ƙofa yake. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwansa ke shayar da aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara zangonsa na farko a kan hekta kimanin 22,000, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yaron da ya tashi a Kadawa ya san shinkafar damina da alkamar hunturu, ya san lokacin da tumatur ke yin kwantai a Kwanar Gafan, ya ga yadda ake tsotso ruwa daga magudana zuwa fangali da bututun roba. Daidai ne a ba shi matani a kan abin da ya sani, domin sanin fage yana taimakon karatu. Amma idan aka tambaye shi wane yanayi alkama ke so, daga gonar babansa zai ɗauko amsar, malami kuma ya rubuta cewa ya iya karatu. Don haka tambaya mai kyau tana da sharaɗi biyu da dole su haɗu: kada ta amsu da daidaita kalmomi, kada kuma ta amsu in an rufe matanin.

Matanin gwaji

An tsara wannan gajeren labari don aji biyar ko shida na firamare, kuma mutanen cikinsa ƙagaggu ne:

"Gonar Malam Iro tana can ƙarshen magudana, ta ƙaninsa Sabo kuwa tana dab da ƙofar ruwa. A bana shinkafar damina ba ta bar gonakin ba sai ƙarshen Nuwamba. Sabo ya yi huɗa ya shuka alkama cikin mako guda. Malam Iro ya jira, domin yashi da ciyawa sun toshe magudanar, ruwan da aka saki yana ƙarewa a hanya. Ranar da aka kira gayyar yasa, na kusa da ƙofa kaɗan ne suka fito. Sai da Janairu ya kama sannan tasa ta sha ruwa. Alkama tana son sanyi lokacin da take cika ƙwaya. Ta Sabo ta cika kafin hunturu ya wuce. Ta Malam Iro kuwa a cikin Maris ta fitar da kai. Ranar yanka ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannunsa, ya duba, bai ce komai ba. Da yamma ya ce wa matarsa: Da an yashe magudanar nan da wuri, da ba mu taɓa kuɗin akuyar nan ba."

Tambayoyin da suka fi saurin zuwa su ne: Ina gonar Malam Iro take? Me ya toshe magudanar? Me ya sa Malam Iro ya jira? Biyun farko rauninsu a fili yake. Ta uku ce ke yaudarar malamai, domin ta fara da "me ya sa", ana kuma ɗaukar duk tambayar dalili a matsayin mai zurfi. Nan kuwa ɗalibi zai nemo "Malam Iro ya jira", ya ga "domin" a gabanta, ya kwafe abin da ya biyo baya. Tambayar dalili ba ta da nauyi muddin "domin" ko "saboda" na tsaye a matanin suna nuna amsar.

Gyara mafi sauƙi shi ne sake lafazi. Maimakon a tambayi inda gonar take, sai a ce: Cikin 'yan'uwan biyu, wa ruwa ke fara isa wurinsa? Babu "fara" ko "isa" ko "'yan'uwa" a jimlar farko. Dole ɗalibi ya hango magudana mai kai da gindi, ya ajiye kowace gona a mazauninta. Haka nan tambayar wane ne babba tsakaninsu tana buƙatar ya gane abin da "ƙaninsa" ke nufi da kuma wanda "-nsa" ke komawa gare shi. Sake lafazi yana da iyaka. Idan kalmar da aka musanya ta fi ta matanin wuya, tambayar ta koma gwajin sanin kalmomi. Malamin da ya mayar da "toshe" zuwa wata tsohuwar kalma da yaran Bunkure ba su taɓa ji ba, ya kayar da wanda ya gane labarin sarai. Ƙa'idar ita ce lafazin tambaya ya fi na matani sauƙi, ko su yi daidai.

Wakilin suna da jimlar sharaɗi

Wakilin suna ma'adini ne da ba a cika haƙa ba. A jimlar "Sai da Janairu ya kama sannan tasa ta sha ruwa", ana iya tambaya: mece ce ta sha ruwa, kuma ta wane ne? Sau da yawa jinsi yana tona amsar irin wannan tambaya a Hausa, domin idan suna ɗaya ne tak na mace a kusa, "ta" ba ta da wani wurin zuwa. A wannan matani kuwa gona da magudana da ƙofa da alkama da gayya duk mata ne a nahawu. Mai lalube zai ɗauki mafi kusa, ya ce ƙofa, ko ya leƙa jimlar gaba ya ce alkama. Wanda ya bi zaren labarin ya san Sabo ya riga ya shuka, wanda ke jira shi ne Malam Iro, kuma bai shuka komai ba tukuna, saboda haka gonarsa ce. Kafin a tsara irin wannan tambaya ya kamata a ƙirga sunayen da suka yi jinsi ɗaya da wakilin. In ɗaya ne, tambayar kyauta ce.

Jimlar ƙarshe ta labarin ta fi kowace amfani. Ginin "da… da…" yana faɗin abu ne ta hanyar kishiyarsa: lafazin ya ce "an yashe da wuri", gaskiyar kuwa ba a yashe da wuri ba, lafazin ya ce "ba mu taɓa kuɗin ba", gaskiyar kuwa an taɓa, ko tilas a taɓa. Idan aka tambaya ko kuɗin akuyar zai tsira, mai daidaita kalmomi zai ga "ba mu taɓa" ya ce zai tsira. A nan laluben kalma kai tsaye yake kai shi ga kuskure, ba wai ya bar shi hannu rabbana kawai ba, shi ya sa tambayar ke rarrabe ɗalibai da kyau. Yaran nan suna jin wannan gini kullum a gida, suna kuma gane shi da kunne. Abin da ake aunawa shi ne ko suna ɗauke da wannan ganewa zuwa kan takarda. Ƙananan kalmomi irin su "ashe" da "sai da" da "ko da yake" da "ma" suna ba da irin wannan dama, domin kowace tana ɗauke da labarin da ba a furta ba. "Sai da Janairu ya kama" tana cewa an makara, ko da yake kalmar makara ba ta fito ba.

Haɗa jimloli masu nisa

Zuciyar labarin silsila ce: toshewar magudana ta jawo jinkirin shuka, jinkirin ya sa alkamar ta fitar da kai a Maris, Maris kuwa zafi ne, alkama kuma sanyi take so. Babu jimlar da ta faɗi sakamakon. Tambayar da ta dace ita ce: Me Malam Iro ya gani a tafin hannunsa? Kawo abu biyu daga labarin da suka sa ka ce haka. Mai kwafe zai rubuta "zangarniya ɗaya". Mai fahimta zai ce ƙwayar ta tsumbure, ba ta cika ba, ya kafa hujja da watan da ta fitar da kai, da shirun da mutumin ya yi, ko maganar akuya.

Kashi na biyu na tambayar, wato neman hujja, shi ne ke ɗaure ta da matanin. Ɗan manomin alkama zai iya cankar cewa zafi ya ɓata amfanin ko bai karanta ba, amma ba zai san da Maris ko da akuya ba sai ya karanta. Wannan ne maganin haɗari na biyu a wuri kamar Kura: a bar yaro ya yi amfani da saninsa na gona, a kuma tilasta masa ya dawo da shi kan abin da aka rubuta.

Tambayar me ya sa na kusa da ƙofa ba su fito gayya da yawa ba ta fi santsi. Amsarta mai kyau ce, wato toshewar ba ta hana su ruwa ba, ana kuma iya ciro ta daga matanin. Sai dai rikicin na kai da na gindin magudana sanannen abu ne a yankin, yara da yawa za su amsa daga abin da suka ji manya na faɗa. A makarantar cikin birnin Kano tambaya ce mai auna karatu, a Kadawa kuwa rabi da rabi ce. Ingancin tambaya, ke nan, ya danganta da wanda aka yi wa ita.

Akwai kuma wuce gona da iri. Idan aka ce me ya sa Malam Iro ya sayar da akuyarsa, an tambayi abin da matanin bai tabbatar ba. Wataƙila an sayar da ita tun tuni don wata hidima, aka adana kuɗin. Irin wannan tambaya tana neman ɗalibi ya canki abin da ke zuciyar malami. Kowace amsa da za a ba maki dole a iya ɗora yatsa a kan jimlolin da suka haife ta, ko da ba su furta ta ba.

Tambayar zaɓi

Jarrabawar gama firamare da ta WAEC da NECO duk suna amfani da tambayar zaɓi, kuma a aji mai yara sittin ko fiye malami ba ya iya guje mata. A nan aikin yana cikin amsoshin ruɗi. Misali:

Mene ne asalin abin da ya jawo wa Malam Iro asara?
A. Shinkafar damina ba ta bar gonakin ba sai ƙarshen Nuwamba.
B. Ruwa bai isa wurinsa a kan lokaci ba.
C. Bai sa isasshen taki ba.
D. Sabo ya riga shi shuka alkama.

Amsar ita ce B, kuma ita ce aka faɗa da sabon lafazi. Amsar A gaskiya ce, an ɗauko ta kalma da kalma, amma makarar shinkafa ta shafi 'yan'uwan duka biyu, Sabo kuwa bai yi asara ba. C tana kama wanda ke amsawa daga sanin gona, domin dalili ne mai shiga hankali da labarin bai ambata ba. D tana kama wanda ya ɗauki abin da ya riga faruwa a matsayin sanadi. Kowace amsar ruɗi tana wakiltar wani kuskure takamaimai, saboda haka zaɓin da yaro ya yi yana gaya wa malami inda karatunsa ya karkace. Abin kiyayewa shi ne kada wannan tsari ya zama al'ada. In kullum amsar da ta yi kama da matani ita ce kuskure, yara masu wayo za su gane cikin zango ɗaya, su koma zaɓar wadda ba ta yi kama ba, an dawo gidan jiya ta bayan gida. Wani lokaci amsar daidai ta ɗauki lafazin matani, ta ruɗi ma ta ɗauka. Haka kuma kada amsar daidai ta riƙa fin sauran tsawo.

Gwada tambaya kafin a yarda da ita

Gwaji na farko alƙalami kawai yake buƙata. A ja layi ƙarƙashin manyan kalmomin tambayar, a nemo su a matanin. In duk sun taru a jimla ɗaya, amsar kuma tana cikinta, tambayar ta lalube ce. Na biyu shi ne a rufe matanin, a miƙa tambayoyin ga wani malami ko yaran wani aji na yankin. Wadda suka amsa daidai ba tare da sun gani ba, sai a gyara ta ko a jefar.

Na uku yana zuwa bayan an yi maki. A jera takardu daga mafi yawan maki zuwa mafi ƙaranci, a ware kimanin kashi 27 cikin ɗari na sama da na ƙasa, kamar yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939. A aji mai yara 60, 16 ke nan kowane ɓangare. A ƙaddara cewa 16 na sama da 15 na ƙasa sun ci tambayar me ya toshe magudana: ba ta rarrabe kowa ba. A ƙaddara kuma 13 na sama da 4 na ƙasa sun ci ta kuɗin akuya: bambancin 9 cikin 16 ya nuna tana aiki. In kuwa na ƙasa suka fi na sama cin wata tambaya, to akwai matsala a lafazinta ko a amsar da malami ya riƙe, a nan ya kamata a fara dubawa kafin a zargi yara.

Yin maki da iyakokin hanyar

Tambaya mai kyau tana mutuwa a hannun mai maki da ke neman lafazin littafi. In yaron da ya rubuta "hatsin bai yi nauyi ba" ya rasa maki don malami ya tanadi "ƙwayar ba ta cika ba", wanda ya kwafe jimloli uku kuma ya samu rabi don amsar tana wani wuri a cikinsu, aji duka zai koyi cewa kwafe ya fi riba. Ya kamata a rubuta tun farko ma'anar da ake nema da hujjojin da za a karɓa, a bar lafazi ga ɗalibi, kuskuren ƙa'idar rubutu kuma a yi masa hukunci dabam.

Tambayar fili ba ta zama haramun ba. Ga ɗan aji biyu da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, gano jimlar da ta dace ma nasara ce, kuma ɗaya ko biyu a farkon takarda suna kwantar wa yaro hankali. Suna kuma taimakon ganewar ciwo: wanda ya faɗi ta fili matsalarsa furta rubutu ce, wanda ya ci ta fili ya faɗi sauran matsalarsa haɗa ma'ana ce, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Don a tabbatar, sai a karanta wa yaron labarin da baki a sake tambayarsa. In ya amsa daidai da kunne, hankalinsa lafiya lau, karatun ne bai nuna ba. A darasin Ingilishi akwai ƙarin nauyi, domin sake lafazi yana buƙatar kalmomin da yaron bai mallaka ba tukuna, kuma yana iya gane matanin ya kasa rubuta amsar. A irin wannan hali, yayin koyarwa a aji, yin tambayar da Hausa a kan matanin Ingilishi da karɓar amsa da Hausa yana toshe hanyar lalube kusan gaba ɗaya, tunda kusan babu kalmar da tambayar da matanin suka yi tarayya a kai.